Shinkafar da ta kwana: tambayoyi da amsoshi kan sanyaya ta da ɗumama ta

Yawancinmu mun tashi da ɗumame, kuma mun tashi da tunanin cewa duk abin da wuta ta taɓa ya tsarkaka. Ga abinci da yawa wannan tunani yana da ƙamshin gaskiya, amma ga dafaffiyar shinkafa yana da rauni babba, domin abin da ke sa mutum amai a cikinta ba ya jin wuta. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi fitowa daga bakin matan gida, masu sayar da abinci da masu girkin biki.

Shinkafar da ta tafasa ta nuna, ta ina cuta za ta shige ta?

Ba shiga take yi daga baya ba, da ita aka zo tun daga gona. Akwai wata ƙwayar cuta da ake kira Basilus siriyas, mazauninta ƙasa ce da ƙura, don haka ba abin mamaki ba ne a same ta a jikin ɗanyar shinkafa, ta gida ce ko ta waje, 'yar Hadejia ce ko 'yar Kebbi. Wannan ƙwaya tana da wata dabara: idan yanayi ya yi mata tsanani sai ta dunƙule ta koma kamar iri mai taurin ɓawo, ta yi kwance tana jira, kamar yadda irin ciyawa ke shafe rani a ƙasa har ruwan fari ya sauka. Tafasar tukunya tana kashe ƙwayoyin da suke a farke, amma wannan iri mai ɓawo yana iya tsallake ta.

Da zarar an sauke tukunya ta fara hucewa, irin ya samu duk abin da yake so: danshi, sitaci, ɗumi, ga shi wuta ta kawar masa da sauran ƙwayoyin da za su yi masa kishiya. Sai ya tsiro, ya fara ninkuwa. Wasu nau'o'insa, yayin da suke ninkuwar, suna zubar da dafi a cikin abincin. Wannan dafi shi ne matsalar, domin gwaji ya nuna yana jure zafin digiri 121 na tsawon minti 90. Ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa. Ke nan duk yadda aka hura wuta a ƙarƙashin tukunyar ɗumame, ƙwayoyin za su mutu, dafin da suka riga suka zubar yana nan daram.

To awa nawa za ta iya yi a waje bayan an sauke?

Ƙwayar tana haihuwa ne tsakanin kusan digiri 5 zuwa 60. Sama da 60 ba ta iya motsi, ƙasa da 5 kuma tana yin lakwas. Inda ta fi jin daɗi shi ne wajajen digiri 30 zuwa 37, wato daidai zafin ɗakin girkinmu a yawancin watannin shekara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a zafin ɗaki. Hukumomin Amurka sun ƙara da cewa idan zafin gari ya haura digiri 32, awa 1 ce kawai. A Birtaniya ma shawarar da ake bayarwa game da shinkafa musamman ita ce a sanyaya ta cikin awa 1. Duk wanda ya san Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram a watan Afrilu, inda zafi ke wuce digiri 40, ya san cewa awa 1 ɗin ce tamu. Da sanyin hunturu kaɗai ne za mu ce muna da awa 2.

Abin da ake yawan mantawa shi ne lokacin tarawa ake yi. Idan shinkafa ta yi awa 1 a kan tabarma ana ci, aka sa a firji, gobe aka fito da ita ta sake yin awa 1 kafin a kunna risho, to ta yi awa 2 ke nan. Sanyin firji yana tsayar da agogon ne, ba ya mayar da shi baya.

Yaya ake sanyaya ta da sauri?

Babban kuskure shi ne barin ta a tukunyar da aka dafa ta, a rufe. Shinkafa a tare tana riƙe zafi sosai. Samanta zai huce har a ɗauka ta yi sanyi, alhali tsakiyarta na nan da ɗumi har tsakar dare, kuma a wannan ɗumin ne ake ɓarna.

Ga yadda ya kamata. Tun lokacin rabon abinci, kafin a zauna ci, a ware wadda aka san za ta rage. A juye ta a babban faranti ko tire mai tsabta, na ƙarfe ya fi na roba saurin sakin zafi. A baza ta da cokali ta yadda kaurinta ba zai wuce faɗin yatsu uku ba, wato kamar santimita 5, idan ta fi haka siranta ma ya fi. A bar ta a buɗe inda iska ke kaɗawa, a kare ta daga ƙuda da abin rufi mai raga, a ɗan juya ta sau ɗaya ko biyu. Cikin minti 20 zuwa 30 tururin zai ɗauke. Daga nan sai a zuba a ƙananan robobi masu murfi, ba a babba guda ba, a sa a firji.

Idan tana da yawa ko gari ya yi zafi ƙwarai, a zuba ruwan sanyi a baho, da ƙanƙara in akwai, a ɗora kwanon shinkafar a ciki ba tare da ruwan ya shiga ba, ana juyawa. Farar shinkafa da ba a sa mata mai ko miya ba, ana iya zuba ta a matsami a kwarara mata ruwan sha mai sanyi, a tsane ta. Wannan ya fi komai sauri, sai dai ruwan ya zama wanda za a iya sha, in ba haka ba an gudu ba a tsira ba.

Tuwon shinkafa shi ya fi wuya. Malmala ce dunƙulalliya, a naɗe a leda, a jere a kula, kowace tana ɗumama 'yar'uwarta. Wanda za a ajiye, a fitar da shi daga kula, a jera malmala ɗaiɗai a tire da tazara tsakaninsu, manyan a raba su biyu.

An ce sa abinci mai zafi a firji yana lalata firjin, ko yana sa abincin tsami. Gaskiya ne?

Tukunya guda mai tururi a ƙaramin firji za ta ɗumama abin da ke kusa da ita, wannan gaskiya ne, shi ya sa ake bazawa a raba ƙanana. Amma jiran sai ta yi sanyi ƙalau kafin a sa, shi ne ke jawo matsala. Da tururi ya ɗauke, ko da akwai sauran ɗumi, a sa ta. A bar 'yar tazara tsakanin robobin don sanyi ya zagaya.

Mu a kula muke ajiyewa, kuma har dare da ɗuminta. Wannan bai isa ba?

Kula tana da amfani, amma ba ta samar da zafi, rage saurin tafiyarsa kawai take yi. Muddin shinkafar da ke ciki na sama da digiri 60, babu damuwa. Yadda za a gane ba tare da ma'auni ba: idan aka buɗe tururi ya taso, kuma ba za a iya nutsa yatsa a bar shi a ciki ba. Amma ranar da aka buɗe aka ji "ɗumi mai daɗi", wanda yaro zai iya ci ba tare da hurawa ba, to kular ta koma ɗakin renon ƙwayoyin cuta, har ta fi tire a buɗe haɗari, domin tana tsawaita zaman abincin a zafin da ƙwayar ta fi so.

Bari mu bi misalin gidan suna, mu ga inda ake zamewa. A ɗauka an sauke dafa-duka da ƙarfe 11 na safe, aka cika manyan kuloli. Zuwa azahar ana ta buɗewa ana ɗiba, kowace buɗewa tana tafiya da zafi, kuma kular da ta koma rabi ta fi cikakkiya saurin hucewa. A ce zuwa ƙarfe 3 ragowar ta sauka ƙasa da digiri 60, zuwa la'asar sakaliya ta kai wajajen 40. Baƙi suka watse da magariba, kowa ya gaji, aka ture kular gefe a kan cewa da safe yara sa yi ɗumame.

Yanzu ga lissafi na misali. A yanayi mai kyau gare ta, ƙwayar na iya ninka kanta cikin kusan minti 30. A ce da ƙarfe 5 na yamma akwai guda 100 a kowane giram na shinkafar. Bayan awa 1 sun zama 400, bayan awa 3 sun zama 6,400, bayan awa 5, wato ƙarfe 10 na dare, sun haura 100,000. Daga wajajen wannan adadi ne masana ke cewa abinci ya shiga sahun mai sa rashin lafiya. Ga shi kuwa akwai sauran awa 9 kafin ƙarfe 7 na safe. Uwargida ta tashi ta ɗumama da kyau, har da ƙarin mai da albasa, ta ɗanɗana ta ji lafiya lau. Kafin hantsi yara uku suna amai. Za a ce zazzaɓi ne ya shigo gida, ko a zargi zoɓon jiya, ba wanda zai kalli shinkafar tunda an ga tana tururi.

Ina aka yi sake? Da ƙarfe 3, lokacin da cin ya lafa. A nan ne ya kamata a samu mutum ɗaya ya juye ragowar a tire, ta sha iska, a kai firji, ko kuma a rabar da ita nan take ga maƙwabta tana da zafinta. Aikin bai fi na minti 30 ba, sai dai ranar biki ba a cika samun mai tunawa ba. Shi ya sa na fi son a ɗora wa mutum guda wannan nauyi tun da safe, kamar yadda ake ɗora wa wata rabon nama.

Idan na shinshina ban ji tsami ba, ba ta kuma yi yauƙi ba?

Hanci ba ya kama wannan dafi, harshe ma haka. Tsami da yauƙi da wari alama ce a zubar, amma rashinsu ba shaidar lafiya ba ce. Tambayar da za a yi wa kai ita ce awa nawa ta yi ba a wuta ba, ba a firji ba.

Ai mun shekara da shekaru muna cin ɗumamen da ya kwana a waje, ba abin da ya same mu.

Wannan magana ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Ba kowace tukunya ce ke ɗauke da nau'in da ke zubar da dafi ba, kuma yawansa yana bambanta, don haka mutum zai iya ci sau da dama ya wuce lafiya. Amma a tuna da ranakun da aka tashi da tashin zuciya ko murɗawar ciki aka ce shawara ce, ko aka sha maganin taifot ba tare da gwaji ba. Cutar gajera ce, yawanci cikin kwana ɗaya ta wuce, shi ya sa ba a bin diddiginta.

Inda ake bin diddigi kuwa an sha kama ta. A Birtaniya aka fara gane nau'in mai sa amai a farkon shekarun 1970, daga soyayyiyar shinkafar gidajen abinci da ke dafa ta da yawa su bar ta ta kwana a waje kafin a soya. A 1993 a jihar Bajiniya ta Amurka, mutum 14, yawancinsu ƙananan yara a wuraren renon yara, sun kamu bayan cin soyayyiyar shinkafa da kaza. Bincike ya nuna an dafa shinkafar tun daren jiya aka bar ta ta huce a waje kafin a sa firji, da safe aka soya, sannan ta sake zama ba sanyi ba zafi har lokacin cin rana. Mutuwa ba kasafai ake samu ba, amma ta faru: a Beljiyam a 2008 wani saurayi ɗan shekara 20 ya rasu bayan ya ɗumama taliyar da ta yi kwana 5 a waje ya ci, dafin ya taɓa masa hanta. Wannan kuma ya nuna maganar ba ta shinkafa kaɗai ba ce, taliya da makaroni da sauran abinci mai sitaci duk suna ciki.

Ba mu da firji, ko kuma wuta ba ta zama. Mene ne abin yi?

Gaskiyar da ba ta da daɗin ji ita ce, ba tare da sanyi na gaske ba, babu hanyar da shinkafa za ta kwana a zafin garinmu a ce tabbas lafiya take. Abin da ya rage shi ne rage haɗari.

Mafi inganci shi ne auna girki daidai baki. Idan gwangwani 6 ke isar gida ana dafa 8 don kada a ji kunya, a koma 6, in baƙo ya zo a sake ɗorawa. Wadda aka dafa da rana za a ci da dare, a bar ta a kan garwashi ko ƙaramar wuta a rufe, a yayyafa ruwa kaɗan, ta zauna da zafinta na gaske. Haka ya kamata mai sayar da garau-garau ko shinkafa da miya ta yi: ta dafa kashi biyu ko uku a yini maimakon tuli guda tun asuba, kuma kada ta juye sabuwa a kan ragowar tsohuwa.

Akwai masu sake tafasa ragowar kafin a kwanta barci. Ya fi barin ta haka nan, domin yana kashe ƙwayoyin da suka farka. Amma irin mai ɓawo yana nan, kuma daga ƙarfe 10 na dare zuwa wayewar gari ya ishe shi ya sake tsirowa. Randa ko tukunya-cikin-tukunya, irin wadda Malam Muhammad Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya samu lambar yabo ta duniya a 2000, tana tsawaita ran tumatir da ganye ƙwarai, amma sanyinta ba ya kaiwa digiri 5, don haka ba ta maye gurbin firji ga dafaffiyar shinkafa.

Mai firji kuma ya sani cewa idan aka ɗauke wuta, firjin da ba a buɗewa yana riƙe sanyi kamar awa 4 ne. Firiza cikakkiya tana kai kwana 2, mai rabi kwana 1. Inda wuta ke wasan ɓuya, gara a sa shinkafar a firiza ta daskare, ko a kula tare da ƙullin ƙanƙara mai yawa bayan an riga an sanyaya ta.

Da azumi a kula musamman. Shinkafar da aka sauke kafin shan ruwa aka bar ta a kula don sahur, ta yi awa 9 ko 10 ke nan.

Kwana nawa za ta yi a firji?

Hukumomi sun ɗan sha bamban. Na Birtaniya sun ce kwana 1 ga shinkafa, na Amurka sun ce ragowar abinci kan kai kwana 3 zuwa 4. Duka biyun suna magana ne a kan firjin da wutarsa ba ta yankewa. Ni da na san halin wutarmu, na fi karkata ga kwana 1. Abin da zai wuce haka, firiza.

Yaya ɗumamen da ya dace yake?

A ɗebi iya wadda za a ci, sauran ta koma firji nan take. A zuba a tukunya, a yayyafa ruwa kamar cokali 2 ga kowane kofi, a warware dunƙulen, a rufe, a juya sau biyu ko uku har tururi ya game ko'ina, ciki da waje. Mai ma'auni ya nemi digiri 75 a tsakiya. Mai amfani da maikurowef ya rufe kwanon, ya tsaya a rabin lokaci ya juya, domin na'urar kan bar wani gefe da sanyi. Malmalar tuwo a yayyanka ta kafin a sa a ruwan zafi ko a miya, in ba haka ba bayanta zai yi laushi cikinta bai ji wuta ba.

Sau ɗaya ake ɗumamawa. Wadda aka ɗumama ta sake raguwa, ta gama yawo.

Idan za a soya ta, kada a yarda da 'yar juyawar minti 2 a mai. Shinkafar da ta fito daga firji a dunƙule tana bukatar lokaci kafin zafi ya ratsa ta.

Ragowar da muke shakka a kanta, ba gara a bayar sadaka ba da a zubar?

Ƙin almubazzaranci abu ne mai kyau, amma almajirin da ya karɓa yaro ne, kuma sau da yawa zai ƙara yawo da ita a roba cikin rana kafin ya ci. Yara ƙanana, tsofaffi, masu ciki da marasa lafiya su ne amai da gudawa suka fi kayarwa. Lokacin bayarwa shi ne da aka ga za ta rage, tana da zafinta, ba bayan ta kwana ba.

Wani ya ci ya fara amai. Me za a yi, kuma yaushe za a tafi asibiti?

Lokacin da abin ya fara yana ba da haske. Nau'in dafin da muka yi magana a kai yana kawo tashin zuciya da amai da wuri, daga minti 30 zuwa awa 6 bayan ci. Akwai nau'i na biyu, mai murɗar ciki da gudawa, wanda ke ɗaukar kamar awa 6 zuwa 15 kafin ya bayyana. Idan mutum biyu ko uku da suka ci daga kwano ɗaya suka kamu kusan lokaci guda, a ɗauke ragowar kada wani ya ƙara ci.

Maganin farko shi ne mayar da ruwan jiki. A haɗa ruwan gishiri da sukari na ƙunshi da ake sayarwa a kemis, yadda aka rubuta a jikinsa. In babu, a lita 1 ta ruwa mai tsabta a sa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba. A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, in aka yi amai a dakata minti 10 a ci gaba. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. Filajil da sauran magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba sa taɓa dafi, don haka kada a sha su ba tare da likita ya ce ba.

A garzaya asibiti idan aman ya hana ko ruwa zama a ciki, idan fitsari ya ɗauke ko idanu suka faɗa, idan akwai jini a bayan gida ko zazzaɓi mai zafi, idan ido ya yi rawaya, idan mutum ya fara ruɗewa ko barci mai nauyin da ba a saba gani ba, ko kuma aka kwana aka yini babu sauƙi. Jariri, tsoho da mai ciki kuwa ba a jira sai an ga waɗannan. Gudawa mai yawa kamar ruwan wankin shinkafa, musamman da damina, ana zargin kwalara ne, a tafi nan take. A gaya wa likita abin da aka ci, da ƙarfe nawa aka ci, da mutum nawa suka kamu.